Kamfani ya biya ni, ina kuma da linkin kamasho: me zan rubuta a ƙasan bidiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tasha a YouTube ina sharhin kayan waya da Hausa. Wani kamfani ya aiko min da fawa banki kyauta, ya kuma biya ni naira dubu tamanin in yi bidiyo a kansa, sun ba ni lambar ragi mai sunana. A ƙasan bidiyon ina so in sa linkin Amazon na makirfon da nake aiki da shi wanda nake samun kamasho, da linkin WhatsApp na wani mai shago da yake ɗan ba ni wani abu in na turo masa mutum. Wakilin kamfanin ya ce in rubuta godiya a ƙarshe kawai ya isa. Don Allah ya ake rubuta abin daidai, kuma a ina?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Godiya a ƙarshe ba ta isa ba, kuma matsalarta biyu ce, kalmar kanta da kuma wurin da aka ce ka ajiye ta. Mu fara da wurin don shi ne mutane suka fi faɗawa a ciki.

Ɗauki wayarka yanzu ka buɗe kowane bidiyo a YouTube kada ka danna komai. Abin da za ka gani shi ne taken bidiyon, yawan waɗanda suka kalla, sai ɗan rubutun nan ...more a gefe. Akwatin bayanin, wanda suka sa wa suna Description, yana ɗaukar har haruffa 5,000 amma a waya kusan gaba ɗayansa a rufe yake sai mutum ya danna da kansa, a kwamfuta ma layi biyu ko uku na farko kawai ake gani. To ka ga duk abin da ka ajiye a layi na ashirin, bayan linkin Instagram ɗinka da na TikTok da gaisuwar masoya, kamar ba ka rubuta ba ne a wajen yawancin masu kallo. Kuma wannan ba ra'ayina ba ne kawai, an taɓa yin shari'a a kai. A 2014 kamfanin Warner Bros ya biya manyan masu tashoshin YouTube, har da PewDiePie, su yi bidiyon wani wasan kwamfuta nasa mai suna Middle-earth: Shadow of Mordor. Bayanin cewa kamfanin ne ya ɗauki nauyi an rubuta shi fa, ba ƙin rubutawa aka yi ba, amma a cikin akwatin bayani aka sa shi inda galibi sai ka danna Show More kafin ka gani. Hukumar FTC ta Amurka, mai kula da kare masu saye, ta ce wannan bai wadatar ba, a 2016 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu da ita. Ɗaya daga cikin hujjojin hukumar shi ne in aka ɗauki bidiyon aka sa a Facebook ko Twitter, akwatin bayanin ba ya bin sa, sai mutum ya kalli talla tsantsa ba tare da ya san talla ce ba.

Wannan hujjar ta ƙarshe mu ta fi shafa ma. Kai ka san yadda bidiyon Hausa yake yawo, wani ya sauke shi don kada data ta ƙare masa, ya tura wa abokinsa ta Xender, wani ya yanko minti biyu ya sa a sitatus, wani ya jefa a gurup na WhatsApp. Duk waɗannan mutanen ba wanda zai taɓa ganin abin da ka rubuta a ƙasa. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa akwatin bayani wuri ɗaya ne cikin uku da ake bayyana talla, kuma shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin. Dole maganar ta fito daga bakinka a cikin bidiyon, ta fito a rubuce a kan hoton, sannan ta fito a layin farko na bayani.

Yanzu kalmar godiya. Ita ma an gwada ta. A 2014 hukumar ASA ta Birtaniya mai lura da tallace-tallace ta duba wasu bidiyoyi da aka biya masu tashoshi suka yi da biskit ɗin Oreo, inda suka rubuta godiya ga kamfanin da ya sa bidiyon ya yiwu, hukumar ta yanke cewa wannan bai nuna wa mai kallo talla ce ba. Kuma in ka duba da kyau gaskiya ce, don godiya ba ta faɗin komai. Mutum yana gode wa wanda ya ba shi aron kaya, yana gode wa wanda ya bar shi ya ɗauki bidiyo a shagonsa, yana gode wa wanda ya ba shi shawara. Mai kallo ba zai iya bambance wannan da an tura maka dubu tamanin a akawun ba. Abin da ake so ya sani kafin ya ji yabonka shi ne me ka karɓa kuma daga wa. Irin su "tare da haɗin gwiwar", ko "abokan tafiyarmu", ko ka sa #collab, #sp, #ambassador duk layinsu ɗaya da godiyar, suna zagaye maganar ba su faɗe ta ba.

Wani abu da mutanenmu suke tsallakewa shi ne yare. Ƙa'idar FTC ta faɗa ƙarara cewa bayanin ya kasance da yaren da aka yi tallar. Kai da Hausa kake magana daga farko har ƙarshe, to ba daidai ba ne ka kwafo wani dogon sakin layi na Turancin lauyoyi daga tashar wani Bature ka liƙa a ƙasa ka ce ka sauke nauyi. Mai kallonka da yake Maraɗi ko Damagaram ma wataƙila Faransanci ya yi a makaranta, Turancin bai dame shi ba. Rubuta da Hausar da kake magana da ita, in kana so ka ƙara #ad a gefe ba laifi, amma Hausar ce asali.

To bari mu ɗauki bidiyon naka mu warware shi, don alaƙa huɗu ce a ciki ba ɗaya ba, kuma kowacce da irin bayaninta. Akwai kuɗin da aka biya ka, akwai kayan da aka ba ka kyauta ka riƙe, akwai lambar ragi, akwai linkin kamasho iri biyu. Kuɗin da kayan su ne suka shafi bidiyon gaba ɗaya don haka su ne za su hau layin farko. Ga yadda zan tsara maka shi:

```
TALLA: Kamfanin [suna] ya biya ni kuɗi na yi wannan bidiyon, kuma kyauta suka ba ni fawa bankin.
Lambar ragi: [LAMBA] (ina samun kamasho in ka yi amfani da ita)

Makirfon da nake aiki da shi (linkin kamasho, ina samun kaso in ka yi sayayya ta nan):
https://amzn.to/xxxx
As an Amazon Associate I earn from qualifying purchases.

Mai shagon da nake turawa (yana biya na in ka saya a wajensa):
https://wa.me/xxxx
```

Ka lura kalmar TALLA ita ce ta farko, kafin sunan kayan ma. Dalili shi ne ko ina aka yanke rubutun, a waya ne ko a kwamfuta ko a sakamakon bincike, ita za ta tsira. Ka kuma lura ban sa adadin kuɗin ba. Ba dole ba ne ka faɗi dubu tamanin ce, abin da ake buƙata shi ne a san an biya ka, sai dai kada ka faɗi rabi ka bar rabi, wato ka ce "sun aiko min da shi kyauta in gwada" ka yi shiru a kan kuɗin. Wannan ya fi shiru gaba ɗaya muni a ganina, don mai kallo zai ɗauka ka gama faɗa masa komai, ya saki jiki, alhali babban ɓangaren ka ɓoye.

Maganar lambar ragi kuma sai ka koma ka duba yarjejeniyarku. Lambar da take ɗauke da sunanka aikinta biyu ne, tana rage wa mai saye kuɗi, tana kuma ƙirga wa kamfani mutum nawa ka kawo. In ana ba ka wani abu a kan kowane wanda ya yi amfani da ita to kamasho ne, ka bar abin da na rubuta a baka biyun nan yadda yake. In ba a ba ka komai a kanta, ƙirge kawai suke yi, to cire shi, layin farko ya riga ya rufe ta. Kada ka rubuta abin da ba haka yake ba ko da ta wajen ƙari ne.

Linkin Amazon yana da nasa dokar daban wadda ba ta gwamnati ba ce, ta kamfanin ce da ka amince da ita ranar da ka buɗe akawun na Amazon Associates. Jimlar Turancin nan da na sa, su suka ce a rubuta ta, don haka ka bar ta yadda take kada ka fassara kada ka gyara. Amma ita kaɗai ba ta isar da saƙo ga mai kallonka, shi ya sa na sa bayanin Hausa a samanta manne da linkin. Kuma ka duba yadda na ce "in ka yi sayayya ta nan", ban ce "in ka sayi wannan makirfon" ba. Yadda tsarin yake aiki shi ne in mutum ya danna linkinka ya shiga Amazon, cikin awa 24 kayan da ya zuba a kwando ya saya ana lissafa maka kasonka, ko da makirfon bai saya ba ya ɓuge da sayen takalmi. A ce makirfon dala 40 ne kuma a ce kason rukuninsa uku cikin ɗari ne, abin da zai shigo maka dala ɗaya da santi ashirin ne, kuɗi kaɗan, amma ƙanƙantarsa ba ta ɗauke wajibcin faɗa ba don dai ga shi kana da dalilin son ya danna. Abu biyu kuma da suke jawo a rufe wa mutane akawun: ɓoye linkin a cikin wani gajeren linki da ba ya nuna Amazon za a je, ka tsaya a kan amzn.to nasu, da kuma yi wa mutane alkawarin lada, irin "duk wanda ya saya ta linkina ya turo min shaida zan sa masa kati". Wannan na biyun sun hana shi kai tsaye, kuma in suka rufe akawun saboda karya sharaɗi suna iya riƙe kamashon da ka tara ba su biya ba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan bayanin ya zauna manne da kowane linki, ba a tara shi wuri ɗaya a ƙasa ba, shi ne yadda mutum yake amfani da akwatin. Ba karanta shi yake yi ba, nema yake yi. Ka ce a bidiyo "linki yana ƙasa", ya buɗe, idonsa ya sauka a kan shuɗin rubutu, ya danna, ya tafi. In bayanin yana bayan linkin da layi goma to ya riga ya bar shafin kafin ya kai wurin. Don haka ma'aunin shi ne ya gani kafin ya danna. Kuma kalmar "afiliyet" ita kaɗai kada ka dogara da ita, FTC da kanta ta ce ko masu jin Turanci ba lallai su gane me take nufi ba, balle a ce mai kallon da ya shigo neman fawa bankin da zai kai masa dare in an ɗauke wuta. Kamasho kowa ya san shi, la'ada kowa ya san ta.

Sai na mai shagon WhatsApp, wanda na san da yawa ba sa ma lissafa shi a cikin wannan babin saboda babu wani dashbod babu takarda, magana ce ta baki, "in mutum ya zo ya ce daga wajenka yake zan ba ka dubu biyu". To shi ma linkin kamasho ne cikakke. Dillalin da yake kai ka shago a Farm Centre ka san dillali ne, ka san zai ci la'adarsa, don haka in ya ce maka wannan ce mai kyau kana auna maganar da wannan sanin. Mai kallonka kuma yana ganinka ne a matsayin wanda ya san kaya yake ba shi shawara tsakani da Allah, bai san akwai la'ada ba sai ka faɗa masa. A nan ne kuma nake so ka yi hattara da jimlar nan da kowa yake kwafa, "ba za a ƙara maka ko kwabo ba". A Amazon gaskiya ce, farashin ɗaya ne ko ta linkinka ko ba ta nan ba. A wajen mai shago ba ka da tabbas, don wasu suna ɗora kason naka ne a kan kuɗin kayan, wanda ya zo da kansa a sayar masa dubu ashirin da biyar, wanda ya ce kai ka turo shi a ce masa ashirin da bakwai. Ka sa wani naka ya tambayi farashi ba tare da ambaton sunanka ba, wani kuma ya tambaya da sunanka, in ka ga bambanci to ko ka cire jimlar ko ka cire mai shagon.

Mu koma cikin YouTube Studio. Lokacin ɗora bidiyo, a shafin Details ka gangara ka danna Show more, za ka ga sashen Paid promotion inda ake tambayarka ko bidiyon yana ɗauke da tallar da aka biya. Naka yana ɗauke da ita, ka amsa da e. Abin da zai faru shi ne YouTube zai nuna wa mai kallo ɗan rubutu a farkon bidiyon na daƙiƙa goma, Includes paid promotion. Mutane da yawa suna tsoron danna Paid promotion ɗin nan wai zai kashe musu kuɗin talla ko ya danne bidiyon. Abin da YouTube ya faɗa shi ne zai ci gaba da sa talla a bidiyon kamar kullum, sai dai yana iya canza tallar da ta yi karo da kamfanin da ya biya ka, misali kada a sa tallar fawa bankin wani kamfani a kan naka, sannan ba za a nuna bidiyon a manhajar YouTube Kids ba. Ga mai sharhin kayan waya wannan ba asara ba ce. Rashin dannawa kuwa saɓa ƙa'idarsu ne kuma suna iya ɗaukar mataki a kan bidiyon ko tashar.

Amma kada ka ce tunda na danna shi ke nan. Rubutun ƙarami ne, daƙiƙa goma ne ya ɓace, ba ya faɗin wane kamfani, ba ya faɗin me aka ba ka, ba Hausa ba ne a yawancin wayoyi, kuma ba a jikin bidiyon yake ba, manhajar ce take ɗora shi a sama, in aka sauke bidiyon ya tafi. YouTube da kansu sun rubuta cewa bin dokar ƙasarka nauyinka ne kai da kamfanin.

To me za ka faɗa da baki? Gajere, a farkon bidiyon kafin ka fara yabon komai, da irin muryar da kake sauran maganarka ba da sauri kamar mai gudun kada a ji ba. Wani abu kamar: "Kafin mu fara, wannan bidiyon talla ce, kamfanin kaza ne ya biya ni kuma su suka ba ni wannan fawa bankin kyauta. Abin da na gani a gwajina shi zan faɗa muku." A daidai lokacin kuma kalmar TALLA da sunan kamfanin su fito a rubuce a kan hoton, da girman da za a iya karantawa a ƙaramar waya, launin da ya bambanta da bango, su daɗe yadda mai karatu a hankali zai gama. Ana haɗa murya da rubutu ne saboda wani yana kallo ba sauti a cikin mota ko wurin aiki, wani kuma yana saurare ne waya tana aljihu. In ka zo wurin da za ka ce linki yana ƙasa, ƙara rabin jimla, "linkin kamasho ne, ina samun wani abu in kun saya". In laif kake yi sai ka riƙa maimaitawa lokaci lokaci don mutane suna shigowa ne a tsakiya. Jimlar "abin da na gani shi zan faɗa" kuma sai in haka ne fa. In kamfanin ya ba ka rubutun da za ka karanta, ko ya ce sai ya duba bidiyon ya amince kafin ka saki, ko ya hana ka faɗin aibi, to kada ka ce ra'ayinka ne zalla, tsaya a kan talla ce kawai. Kuma bayyana talla ba ya halatta faɗin abin da ba ka gwada ba, in kwalin ya ce 20,000mAh kai kuma ka ga sau biyu kawai ya cika maka waya, ba za ka ce yana cika waya sau biyar ba don an biya ka.

Na san za ka ce ni da nake nan me ya haɗa ni da hukumar Amurka. Gaskiya ba na tsammanin za su zo neman ka, duk da cewa sun ce dokarsu tana iya hawa kan wanda yake waje in ana iya hasashen abin zai shafi masu saye a Amurka, kuma mai sa linkin amazon.com ai masu saye a can yake nufi. Na kawo ƙa'idarsu ne don ita ce ma'aunin da manyan kamfanoni da dandamalin suke bi, an sabunta ta a 2023 aka ƙara jaddada cewa a intanet bayanin ya zama wanda mai kallo ba zai iya kauce masa ba. Waɗanda za su iya taɓa ka da gaske su ne YouTube, Amazon, da hukumomin gida. A Najeriya akwai ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, wadda take buƙatar a tantance talla kafin a sake ta ga jama'a kuma ta ce abin ya haɗa da masu tallata kaya a soshiyal midiya, don haka ka tambayi kamfanin a rubuce ko sun samu amincewar, rubuta TALLA ba ya maye gurbin wannan. Ranar da kuma aka kawo maka tallar magani ko na gargajiya ko kayan ƙarin lafiya, nan NAFDAC ta shigo, ka nemi ganin lambar rajista da izinin tallar kafin ka karɓi ko sisi.

Shi kuma wakilin da ya ce godiya ta isa, ba sai kun yi faɗa ba. Tura masa layin farkon nan yadda za ka rubuta shi, ka ce masa bayyana talla ƙa'idar YouTube ce kuma kariya ce gare su su ma, tunda a shari'ar da na ba ka labari kamfanin aka kama ba masu tashoshin ba. Yawanci daga nan suke amincewa. In ya dage sai an ɓoye, ni shawarata ka mayar da kuɗin, don wanda yake son a ɓoye cewa ya biya yana sayen amanar da mutanenka suka ba ka ne, kuma dubu tamanin ba ta kai kuɗinta ba. Nan gaba ka sa wannan a cikin sharuɗɗanka tun kafin a turo kuɗi, ko a saƙon WhatsApp ne ka ajiye shi.

In ka gama ɗorawa ga yadda za ka gane ko ya yi. Karɓi wayar wani a gida wanda bai san da maganar ba, buɗe masa bidiyon ya kalli minti ɗaya na farko ba tare da ka ce komai ba, sannan ka tambaye shi: an biya ni ko ba a biya ni ba, kuma wa ya biya? In ya amsa daidai ba tare da ya danna komai ba to ya yi. In ya ce "ina jin kamar sun ba ka ne ka gwada" to da saura. Sannan ka buɗe akwatin bayanin a wayar ka duba kowane linki, shin bayaninsa yana tare da shi a allo ɗaya ko sai an gangara. Ka tura wa kanka bidiyon ta WhatsApp a matsayin fayil ka kalla, abin da ya rage a ciki shi ne abin da yawancin mutane za su samu.

Tsofaffin bidiyoyinka da suke da linkin Amazon ba bayani, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A kwamfuta ka shiga Studio, Content, ka zaɓi bidiyoyin da abin ya shafa, ka danna Edit sannan Description, ka zaɓi Insert at beginning ka rubuta layi ɗaya cewa linkin kayan da ke ƙasa na kamasho ne, zai hau samansu gaba ɗaya. Waɗanda aka biya ka kuwa sai ka buɗe kowanne ka danna Paid promotion, sannan a layin farko na bayani ka rubuta sunan kamfanin da ya biya, tunda kowanne da nasa. Akwai kuma Upload defaults a cikin Settings inda za ka ajiye bayanin makirfon da jimlar Amazon su riƙa fitowa da kansu, sai dai yana aiki ne in ta burauza ka ɗora, in ta manhajar waya kake ɗorawa sai ka ajiye rubutun a wani wuri kana kwafowa. Abin da ban so ka sa a can shi ne irin jimlar nan ta "wataƙila wasu bidiyoyin suna ɗauke da talla", don in tana kan kowane bidiyo mai kallo ba zai san wanne ne aka biya wanne ne ba a biya ba.

In kuma za ka yanko gajere daga wannan bidiyon ka sa a Shorts, ka tuna tun 2023 linkin da aka sa a bayani ko kwament na Shorts ba ya dannuwa, kuma kusan ba mai buɗe bayanin a can. Gajeren shi ma talla ce mai zaman kanta ko da daƙiƙa ashirin ne, don haka ka danna masa nasa Paid promotion, ka sa TALLA a takensa da kan hoton tun daƙiƙar farko, a wurin da maɓallan gefe da rubutun ƙasa ba za su rufe shi ba.